Tsohon wasa yana fitowa ƙarami a allo

"Na sa tsohon wasa a kwamfuta, yana fitowa ƙarami a tsakiyar allo. Na cika allon, fuskoki suka yi faɗi. Me zan yi?"

Ɗan'uwa, wasanka an gina shi ne a girman 800x600, siffar 4:3, allonka kuwa wataƙila 1920x1080 ne, wato 16:9. Shi ya sa da aka ja shi ƙwallo ta koma kamar ƙwai. A Fullscreen wasan ne ke canza girman hoton allo. A Borderless, wato tagar da ba ta da gefe mai cika allo, girman da Windows ke kai yake bi, don haka wani lokaci canza lambobin cikin wasan ba ya tasiri.

Ka danna Alt+Enter tukuna, a wasanni da yawa shi ke sauya wasa tsakanin taga da Fullscreen. In katin hoton kwamfutarka NVIDIA ne, buɗe NVIDIA Control Panel, shiga Adjust desktop size and position ka zaɓi Aspect ratio. Baƙaƙen layuka za su fito dama da hagu. Ka bar su, sun fi miƙaƙƙen hoto.