Ko dole ne makaho ya koma bara?

"Kawu, ka san yaya Sani hawan jinin ido ya cinye masa gani. Su Inna suna cewa al'ada ce a sayar da keken ɗinkinsa, a kai shi wajen Sarkin Makafi a sama masa ɗan jagora. Haka al'adar take?"

Ɗana, Sarkin Makafi gaskiya ne, mu nan Kano har unguwarsu gare su a Dala. Aikinsa sulhunta mutanensa da tsaya musu a gaban hukuma. Amma ka tambayi Innarka igiyar da ake ɗaure akuya da ita a gidanku wa yake tufka ta. Makafi ne. Sana'ar hannu ma al'adarsu ce, ba bara kaɗai ba.

A layinmu an yi wani saurayi tela da wannan ciwon ya kama. Ya daɗe a ɗaki ba ya son ganin kowa, har aka fara cinikin kekensa Butterfly. Maigidansa da ya koya masa ɗinki ne ya hana, ya ce ƙafa da yatsa ba su makance ba.

Zura zare ne ya fara ba shi wuya. Allurar keke tana da gefe guda mai faɗi, da shi yake gane yadda za ta zauna, sai ya cusa siririyar waya a kafar allurar ya janyo zaren. Don ɗinki ya miƙe, maigidan ya manna masa ɗan kwali mai kauri a farantin keken, rabin inci daga allura, bakin yadi na bin jikinsa. Tef ɗin awo kuwa aka yi masa ƙulli da zare a kowane inci, biyu a kowane inci goma.

Da rigar filo da zanen gado ya soma, sannan wandon 'yan makaranta. Ranar farko ya ɗinke zanen gado guda da ƙoshiya babu zare, bai sani ba sai da ya ɗaga. Daga nan ya koyi sauraron keken, kuma duk kabu sai ya bi bayansa da yatsa. In ya ji zare ya yi cunkus a ƙasa, ya san na sama ne ya saki, sai ya ɗan murɗa abin da ke matse zaren.

Ba komai ya dawo ba, kada in yi maka ƙarya. Surfani ya bar shi har abada. Yankan shadda ma yaronsa ke yi, shi yake ware masa fuska da baya ya soka fil, ya zuba zare kala-kala kowanne a gwangwaninsa. Wasu masu kawo ɗinki sun gudu, sai da suka ga kaftaninsa a jikin mutane ranar Sallah suka dawo.

Ka gaya wa Innarka kada a taɓa keken. Ranar Juma'a zan shigo, ka nemo mini maigidan Sani mu zauna. Ku kuma ƙannensa ku je a auna muku ido, ciwon yana bin jini.