Yankakken turmi ba ya komawa

Kawu, na manna takarda a shagona cewa kaya ba sa dawowa bayan kwana 3, kuma wanda aka yanka ba ya dawowa sam. Jiya wata hajiya ta maido atamfa bayan mako 2, na nuna mata takardar, ta ce ba ni da kunya. A al'adarmu ta kasuwa, yaya ake hana babba abu ba tare da an ci fuskarsa ba?

Ɗana, na yi murmushi da na karanta saƙonka, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Takarda ka nuna wa sa'ar mahaifiyarka da yatsa? Kana tsaye ko kana zaune? Ka tambaye ta mutanen gida kafin nan?

Ka tuna min azumin 1994, ina yaron rumfa a babbar kasuwar Garwa, a Kamaru. A watan Janairun shekarar aka karya darajar sefa gida biyu, duk kayan da ke shigowa daga waje suka tashi, kowa ransa a ɓace. Ƙa'idar ubangidana, Allah ya jiƙansa, irin taka ce, sai dai a bakinsa take, yana faɗa wa mai saye tun kafin ya karɓi kuɗi.

Ana saura 'yan kwanaki salla, da azahar, ga zafin Garwa ga ƙishirwa, wata hajiya ta dire mana turmi 3 da ta saya kwana 10 da suka wuce, jaka 8 kowanne. Biyu suna nan da tambarinsu, ɗaya tela ya riga ya sa masa almakashi. Wai 'yarta ta ce zanen ya tsufa, a ba ta jaka 24 ɗinta cif. Tun daga bakin layi ake jin muryarta.

Alhaji ya sauko daga kan buzunsa, ya sa na shimfiɗa mata tabarma daga ciki, inda maƙwabta ba za su ji ba. Ba damar ba ta ruwa, sai ya miƙa mata mafici. Ya bar ta ta yi faɗa har ta gaji, bai katse ta ba. Sannan ya warware yankakken turmin yadi 6 ɗin nan gaba ɗaya, ya ɗaga shi a hasken rana yana neman rami ko inda rini ya zame, ya jiƙa farin ƙyalle ya goga a gefe ya ga ko yana zuba. Da ya sami aibi, da nan take ya biya ta, don wannan hakkinta ne ko an yanka. Bai samu ba.

Sai ya ce, "Hajiya, ranki ya ɓaci, kuma na ga dalili. Kuɗi dai ba za su dawo ba, haka nake yi da kowa, har ƙannena. Amma waɗannan biyun ki bar min su, in sayar miki, duk abin da suka kawo naki ne, ba na cin ko dala."

Ta ce ita fa shekara nawa tana ciniki a nan. Ya ce wallahi ya sani, kuma ya gode. Ta ce ba za ta sake taka rumfar ba. Ya ce Allah ya huci zuciyarta. Sau uku tana juyo maganar, sau uku yana ba ta amsa iri ɗaya da murya iri ɗaya, bai ƙaro wani dalili ba. Daga baya ya ce min duk sabon dalilin da ka kawo, ƙofar sabon ciniki ka buɗe. Ya raka ta har bakin titi.

Da na tambaye shi me zai hana a yi mata alfarma, sai ya ce mahaifinsa yakan ce ma'auni ɗaya ake auna wa sarki da talaka, in ka saki ga mai ƙarfin murya ka zalunci mai kunya da ta haƙura ta tafi. Ya ce kuma in duba yadda Bahaushe ke ƙin tayi: "albarka" yake cewa. Ya hana ka, amma da addu'a ya hana ka.

Wannan ne nake ganin ya ɓace muku. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ku kuwa fuskar tana kan waya, sai ku bar bango ya yi magana a madadinku.

Turamen nan biyu sun tafi a jaka 9 kowanne kafin salla. Ni na kai mata jaka 18 har gida, ta karɓa ba ta ce komai ba, kuma sai da aka yi salla biyu kafin mu sake ganinta. Takardarka kuwa, ka bari sai na zo Marwa na gan ta da idona. Amma gobe da safe ka je ka gaishe da hajiyar nan, ka tambaye ta ko an yanka atamfar.