Amsar da Dakta ya turo da murya kan maudu'in digirin digirgir

"Dakta, barka da dare. Ina son rubuta furofozal na digirin digirgir a fannin ilimi, kan horar da malamai. Safabaiza ya ce in nemo giɓin da ba a cike ba. Don Allah wane maudu'i za ka ba ni shawara?"

To Malama, na ji saƙonki. Kin ga, ni dai ba zan jero miki maudu'i goma ba, don na san abin da za ki ɗauko a ciki: ra'ayoyin ɗalibai malamai a kan kaza, a raba takardar tambayoyi ɗari uku, a tattara, shi ke nan. Ni ma haka na yi a furofozal ɗina na farko. Ina tsaka da bayani wani dattijo a kwamitin ya cire tabarau ya ce, "To sun ce horon ya amfane su. Ka shiga ajinsu ka gani?" Ban shiga ba. Wata bakwai na ɓata a kan abin nan, kuma wallahi har yau in na tuna yadda ya tura min takardun gefe... a bar wannan dai.

Giɓin yana tsakanin ranar da malami ya gama horo da shekararsa ta farko a aji. Shin abin da aka koya masa yana binsa, ko yana zubewa a ƙofar makaranta? Tambayar ba sabuwa ba ce, kar ki rubuta cewa ba wanda ya taɓa yi, za su cinye ki. Wani masani mai suna Dan Lortie tun 1975 ya ce kafin mutum ya fara koyon malanta ya riga ya zauna kusan awa 13,000 yana kallon malamansa, shi ya sa in aji ya yi zafi sai ya koma koyarwa yadda aka koyar da shi. Wasu masana biyu kuma, Zeichner da Tabachnick, a 1981 suka tambaya ko aikin makaranta ne ke wanke abin da jami'a ta dasa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai haƙurin bin mutum ɗaya daga koyon koyarwa har ya kama aiki, yana kallonsa da ido.

Amma kar ki ce za ki auna "ingancin koyarwa", wannan kogi ne. Ki kama abu ɗaya da ake ƙirgawa. Ni abin da nake so shi ne jiran amsa. Wata mai bincike, Mary Budd Rowe, a farkon shekarun 1970 ta gano malami in ya yi tambaya, kusan daƙiƙa ɗaya yake jira kafin ya amsa da kansa ko ya nuna wani. In ya kai daƙiƙa uku, amsoshin yara sai su yi tsawo, masu shiru ma su fara magana. Daƙiƙa uku fa kawai! Ki gwada a aji ki ji yadda take tsawo, kamar an yi mutuwa.

To ga tsarin. Ki ɗauki ɗalibai malamai ashirin da aka koya wa wannan, ki naɗi darasi tara na kowa... a'a, tsaya, wannan darasi 180 ke nan, ba za ki gama ba. Ki fara da ashirin ɗin dai, don wasu ba za su samu aiki ba, wasu za su ƙaura, wasu su daina ɗaga wayarki. In sha biyu suka rage, alhamdulillahi. Darasi shida kowa: biyu lokacin koyon koyarwa, biyu a zangon farko na aiki, biyu a ƙarshen shekara. Darasi 72, a minti arba'in-arba'in, awa 48. Kuma ki sani awa ɗaya ta naɗi tana iya cin awa biyar wajen kwafewa.

Darasin farko ki jefar da shi, don ranar kowa wasan kwaikwayo yake yi miki. Sannan ki ba wani ya ƙirga daƙiƙun a kashi ɗaya cikin biyar na naɗin ba tare da ya ga naki ba. In lissafinku ya yi hannun riga, ma'auninki ne bai fito ba, wataƙila ba ku daidaita kan inda tambaya take ƙarewa ba.

In kika ga jiran ya faɗo daga uku zuwa ɗaya, kar ki yi saurin cewa horo ne ya gaza. Ki kunna wa malamin naɗin ki tambaye shi me ya faru a nan. Ƙila yawan yara ne, ƙila manhaja ce ke korarsa, ƙila wani tsohon malami ya ce masa shiru a aji rauni ne. Wannan hirar ita ce babinki na biyar.

Af, izini. Akwai muryar yara a ciki, sai da yardar makaranta da iyaye, kuma yana ɗaukar lokaci. Ki sa shi a jadawalin tun yanzu. Ki turo min shafi biyu kafin ki kai wa safabaiza.