Na kunna fowadin, me ya sa firosesa ke tsayawa har yanzu?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Zariya. An ba mu waɗannan umarni huɗu mu gwada a manhajar kwaikwayon firosesa mai faiflayin na matakai 5. Lissafina ya ba ni bugun agogo 8, amma manhajar ta nuna 12. Da na kunna fowadin sai ya koma 9. Ina sauran bugun suke tafiya, kuma me ya hana shi kaiwa 8?

```
lw  x5, 0(x10)
add x6, x5, x7
sub x8, x6, x9
lw  x11, 4(x10)
```

Amsa: Wa alaikumus salam. Manhajar ba ta yi maka ƙarya ba, kuma lissafinka ma daidai ne, sai dai na umarnin da babu ruwan wani da wani ne. Naka kuwa uku daga cikinsu a ɗaure suke da juna.

Kowane umarni yana ratsa matakai biyar: `IF` a ɗauko shi, `ID` a fassara shi a karanto rajistocin da yake buƙata, `EX` a yi lissafi, `MEM` a taɓa memori, `WB` a rubuta sakamako cikin rajista. Faiflayin kamar shagon tela ne gab da sallah: mai yanka ba ya zaman jiran a goge rigar farko kafin ya sa almakashi a yadi na biyu. Umarni na farko zai ci bugun agogo 5, sauran ukun kuma su biyo bayansa ɗaya-ɗaya. Nan ka samo 8 ɗinka.

To dubi `add` da `sub`. Shi `sub` yana son `x6`, wanda `add` ne zai samar da shi. Matsalar ita ce `add` ba ya rubuta `x6` sai a matakinsa na biyar, alhali `sub` yana zuwa karanta rajista tun a matakinsa na biyu. In aka bar shi ya karanta a lokacin, tsohuwar lambar da ke cikin `x6` zai ɗauka, ya fitar da amsar banza ba tare da wata alama ba. Wannan shi ne data hazad, irin wanda ake rubutawa `RAW`, wato karatu da ya wajaba ya biyo bayan rubutu.

Don kauce wa haka, akwai sashen da ke sa ido a matakin `ID`. Da zarar ya ga umarni na neman rajistar da ba a rubuta ba tukuna, sai ya riƙe shi a wurin, ya hana `PC`, mai nuna umarnin da za a ɗauko, matsawa, ya tura `nop`, umarnin da ba ya yin komai, gaba a madadinsa. Kowane `nop` bugu ɗaya ne da aka yi asara. A mafi yawan zanen da ake koyarwa, ana rubuta rajista a rabin farko na bugu a karanta a rabi na biyu, don haka mai jira yana rasa bugu 2. Bi shi da biro: `lw` ya rubuta `x5` a bugu na 5, `add` ya karanta a 5 ɗin maimakon 3. Shi kuma ya rubuta `x6` a bugu na 8, sai a lokacin `sub` ya samu. Biyu da biyu huɗu, ka ɗora a kan 8, ga 12. In wata manhajar ta ba abokinka 14, zanenta ne ba ya bari a rubuta a karanta a bugu ɗaya, sai kowane jira ya zama 3.

Yanzu abin da na fi so ka riƙe. Amsar `add` ta riga ta samu tun ƙarshen `EX`. Tana nan zaune a ƙaramar ma'ajiyar da ke tsakanin matakai, `EX/MEM`, bugu biyu kafin ta isa rajista. Shi kuma `sub` ba ya amfani da lambar da gaske sai ya shiga nasa `EX`. Ashe jiran ba na lissafi ba ne, na doguwar hanya ce. Fowadin wayoyi ne da aka ja daga `EX/MEM` da `MEM/WB` suka dawo bakin `ALU`, sashen da ke yin lissafi, tare da maɓallin zaɓi da ke yanke inda lamba za ta fito: rajista ko waɗannan ma'ajiyu. Sharaɗin bai wuce wannan ba:

```
EX/MEM.RegWrite
and EX/MEM.rd != 0
and EX/MEM.rd == ID/EX.rs1
```

`rd` ita ce rajistar da umarni zai rubuta, `rs1` kuma ta farko cikin waɗanda yake karantawa. Ana maimaita sharaɗin don ta biyu, `rs2`. In ya cika, `sub` zai karɓi `x6` hannu da hannu a bugun da ke biye, jiransa ya koma sifili. Rubutu cikin rajista yana nan yadda yake a `WB`, ba a soke shi ba.

Bugu ɗayan da ya rage laifin `lw` ne, kuma babu wayar da za ta share shi. Lambar da yake ɗaukowa ba ta fitowa daga memori sai ƙarshen bugu na 4. Shi kuwa `add` a farkon bugu na 4 ɗin yake son shiga `EX`. Ba a miƙa abin da bai iso ba. Dole ya dakata bugu ɗaya, ya karɓa daga `MEM/WB` a bugu na 5. Shi ya sa ko da fowadin ba a cire sashen gano hazad, ana dai rage masa aiki zuwa wannan hali guda: `lw` a gaba, mai amfani da sakamakonsa a bayansa kai tsaye.

Maganin yana cikin lambarka. Umarni na huɗu bai dogara da kowa ba, to ka ɗago shi ya cike gurbin:

```
lw  x5, 0(x10)
lw  x11, 4(x10)
add x6, x5, x7
sub x8, x6, x9
```

Gwada, za ka ga 8. Wannan sauyin jeri aikin kwamfaila ne na kullum idan ka ba shi `-O2`. Firosesocin MIPS na farko ma gaba ɗaya suka jingina masa nauyin: ba sa tsayawa bayan lodi irin na `lw`, kwamfaila ne zai sa wani umarni ko `nop` a gurbin. Har yau abin na da tasiri. Cortex-A53, da ke cikin Helio P22 na wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa, yana bin umarni a jere ne da matakai 8, don haka kyawun jerin da kwamfaila ya shirya yana taɓa saurinsa fiye da manyan firosesa masu sake jeri da kansu.

Idan aikinku na gaba gina sashen fowadin ne, ka kula da wurare biyu, don a nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Na farko layin `rd != 0`: rajistar `x0` sifili ce har abada, in ka mance shi sai ka miƙa wata lamba a inda ya kamata a samu sifili. Na biyu ya fi ɓuya. Rubuta `add x1, x1, x2` sau uku a jere. Na ukun zai tarar `x1` ya dace a ma'ajiyu biyun duka, kuma na `EX/MEM` ne sabo, shi ya kamata ya yi rinjaye. Sa `x1` ya zama 0, `x2` ya zama 1. In ka samu 3, tsarinka lafiya. In ka samu 2, ka fifita `MEM/WB` ne, sai ka juya sharaɗin.