Shafin nema yana tsayawa: kada ka sayi babbar saba tukuna

"Malam barka da aiki. Ina sayar da taki da maganin feshi a Gujungu, wani yaro ya haɗa mana manhajar rubuta ciniki da bashi. Da lafiya lau, yanzu layukan cinikin da muka rubuta sun kai wajen dubu 400, in na sa lambar wayar manomi sai ta yi ta juyi ta rubuto 504 Gateway Timeout. Yaron ya ce mu kama babbar saba. In biya?"

Alhaji riƙe kuɗinka tukuna. Fara gwada wannan, in shafin shiga da na rubuta sabon ciniki suna buɗewa nan take, na nema kaɗai ke tsayawa, to ba netwok ba ne, kuma da wuya a ce saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, ita ce ta yi kaɗan, na fi zargin ba a sa wa lambar waya indes ba.

Ka ɗauka littafin bashinka ne, mutum ya zo ran kasuwa yana tsaye da buhu a kan babur, kai kuma sai ka faro daga shafin farko kana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Da layi dubu biyu ne ba ka ji ba, yanzu kowane nema sai an karance dubu 400 kaf, ita kuma saba in ta jira kamar daƙiƙa 60 ba amsa sai ta yanke. Indes ɗan littafi ne na gefe da ya jera lambobin bi da bi, kowace da wurin da take.

Ka ce wa yaron, in MySQL yake amfani da shi wajen adana bayanan, ya buga wannan da sunayen teburinsa da cikakkiyar lambar wani manomi:

```
EXPLAIN SELECT * FROM ciniki WHERE lambar_waya = '080...';
```

In ya ga `type` ya nuna `ALL`, `key` kuma `NULL`, an kama ɓarawo. Ya fara adana kwafin bayanan, sannan da dare bayan an tashi kasuwa:

```
CREATE INDEX idx_waya ON ciniki (lambar_waya);
```

Ya sake EXPLAIN ɗin, ya kamata `ALL` ya koma `ref`, `rows` ya faɗo zuwa 'yan layukan manomin nan kawai.

Amma fa akwai inda ake sa indes ɗin kuma ba ya aiki, nan yara da yawa ke ruɗewa. In ya rubuta neman da `LIKE '%0803%'`, alamar nan ta farko tana hana a bi jerin, sai ya mayar da shi `'0803%'`. Haka in an ajiye lambar a matsayin rubutu amma ya nema ba tare da alamar `' '` ba, MySQL zai tsallake indes ɗin.

Kuma kar ya ji daɗi ya bi kowane ginshiƙi yana liƙa masa indes, kowanne yana cin wuri yana ɗan rage saurin rubuta sabon ciniki. Wannan aikin sa'a guda ne ka biya sau ɗaya, saba kuwa duk wata za ka riƙa biya, in damina ta zo bashi ya ƙaru ciwon ya dawo. In an yi duk wannan shafin bai saki ba, turo min hoton abin da EXPLAIN ya nuna.