Wasiƙar farko zuwa ga abokin musayar harshe: me zan rubuta mishi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kamba ne, ina taya yayana harkar kaya tsakanin nan da Gaya ta Nijar, shekara ɗaya ke nan ina koyon Faransanci amma bakina bai buɗe ba. An haɗa ni da wani ɗalibi da ke karatun Hausa a INALCO, wata makarantar koyon harsuna a birnin Faris, an ba ni imel ɗinshi aka ce in rubuta mishi in gabatar da kaina mu riƙa waya duk sati. Wani abokina ɗan Dosso ya rubuta min shafi biyu da Faransanci mai kyau. In tura haka nan ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka tura, ajiye shafi biyun nan ka yi wa abokinka godiya, amma wasiƙar da za ta tafi dole ta fito daga hannunka da kurakuranka a ciki.

Abin ya taɓa faruwa da ni shi ya sa na fara da nan. Lokacin ina ɗalibi na samu irin wannan dama, na kai wa wani da ya fi ni ya gyara min wasiƙar tas har ba abin da ya rage nawa sai suna, mutumin ya karanta ya ɗauka na yi nisa, ranar da muka yi waya ya saki Faransanci kamar ruwan Agusta ni kuwa ko kashi ɗaya cikin huɗu ban kama ba, ya yi shiru na yi shiru, daga waya ta biyu bai sake nema na ba kuma ban ga laifinshi ba. Da wasiƙarka zai auna saurin da zai yi maka magana da irin kalmomin da zai zaɓa, in ka ba shi ma'aunin wani to da shi zai auna maka.

Ka raba ta gida biyu, rabi da Hausa rabi da Faransanci, kuma ba fassarar juna ba. Gabatar da kai ka yi shi da Faransancinka, jimla biyar ko shida, tunda shi ne abin da ka fi iyawa, suna da gari da sana'a da dalilin koyo. Maganar rana da lokaci da tsari kuma ka yi ta da Hausa mai sauƙi da lambobi, ka ga tun daga wasiƙar kowa ya samu abin karantawa da harshen da yake koyo. Asalin tsarin ke nan, masu harkar suna ce mishi tandem wato keken nan mai mazauni biyu da kowa ke taka feda, lokaci rabi da rabi, kowa malami ne a harshenshi ɗalibi a na ɗan'uwanshi. Duka wasiƙar kar ta wuce abin da zai karanta a fuskar waya ba tare da ya gaji ba, kalma 150 zuwa 200 ta isa.

Wajen faɗin matakinka kar ka ce "ina ji kaɗan-kaɗan", wannan kowa na faɗa. Su can suna da ma'auni daga A1 zuwa C2, A1 ɗan fari C2 ƙwararre, wanda ya yi shekara ɗaya yana karatu amma bai saba magana ba galibi yana tsakanin A1 da A2. Ka rubuta hakan amma ka ƙara da abin da kake iya yi a zahiri, misali ina iya gaisuwa da tambayar farashi da karanta rasit, amma in aka yi sauri ba na ganewa. Sannan ka faɗi buƙata guda ɗaya tak. Kai da ke harkar boda na san inda ke maka ciwo, lissafi ne, domin Bafaranshe 70 sittin da goma yake ce mata, 80 ashirin sau huɗu, 90 ashirin sau huɗu da goma, ga shi kai a kasuwa da dala kake ƙirga sefa, dala ɗaya faran 5, dala ashirin faran 100. To ka ce mishi kana son ka iya jin farashi da faɗin shi ba tare da ka tsaya lissafi ba. Mutum in ya san abin da kake so ya san ta inda zai fara, kuma wallahi wannan ƙirgar dala ɗin kanta abu ne da zai so ya ji daga bakinka.

Yanzu abin da kai za ka ba shi, nan ne 'yan wajenmu ke tuntuɓe. Shi daidaitacciyar Hausa ake koya mishi, wadda aka gina kan Kananci, kai kuma Hausar yamma ce a bakinka. Shi ya san "me", kai "mi" kake cewa. Ya san "gidansa" kai "gidanai", ya san "wannan" kai "wanga", "tafi" da "tahi", "fari" da "hwari", "biyar" da "biyat", inda littafinshi ya ce "shi ne" kai ka ce "shi na". In ba ka gaya mishi tun a wasiƙa ba, ranar farko zai ɗauka duk karatun da ya yi na banza ne, ko kuma ya kwashi naka ya kai jarrabawa a soke mishi. Ba abin kunya ba ne ko kaɗan, Hausarmu Hausa ce cikakkiya kuma da yawa cikin masu nazari ita suke nema, kawai ka ce mishi ga karin da nake yi a gida, ina iya yi maka daidaitacciya, in kana so in riƙa nuna maka bambancin. Kuma ka sa allon rubutun Hausa a wayarka don ka riƙa rubuta ɓ da ɗ da ƙ daidai, mu in an rubuta "kasa" muna gane ƙasa ake nufi daga zancen, shi kuwa ƙamus zai buɗe ya tarar da wata kalma daban. Haka "gari" na zama da "gari" na tuwo, rubutu ɗaya amma tsawon wasali ya raba su, wannan sai da kunne, shi ya sa yake buƙatar muryarka fiye da yadda kake zato.

Maganar lokaci kar ka ce "duk sanda ka samu dama", wannan wayar ba za a taɓa yin ta ba. Ka ba shi zaɓi biyu da rana da ƙarfe. Kuma ka lura da wani abu, mu agogonmu ba ya motsi amma Faransa suna tura nasu gaba da awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris ƙarfe 5 ɗinka ƙarfe 5 ɗinshi ne, sauran watannin 5 ɗinka 6 ce a wurinshi. Na ga waɗanda suka yi fushi da juna a kan wannan, kowa na ganin ɗan'uwanshi ne ya saɓa alkawari. Kullum ka rubuta "agogon Najeriya" a gaban lokacin. Ni 5 na yamma nake ba ɗalibaina shawara don an yi La'asar, kuma Magariba a nan Kebbi ko a Nuwamba da rana ke saurin faɗuwa sai bayan 6, a Yuni ma har ta wuce 7. Ka kauce wa ranar kasuwarku, ka kuma gaya mishi da azumi za a sake lokaci.

Minti 40 ya isa, 20 Hausa 20 Faransanci, a sa agogo, kuma a riƙa juya wanda ake farawa da shi duk sati domin rabin farko ya kan ci na biyu. Ga yadda ɓangaren Hausar zai iya zama:

"Ina ba da shawara mu riƙa yin waya sau ɗaya a mako, minti 40, minti 20 da Hausa, minti 20 da Faransanci. Ina da lokaci ranar Asabar ko Laraba, ƙarfe 5 na yamma agogon Najeriya. Wace rana ta fi maka? Mu gwada mako huɗu, bayan haka mu duba ko za mu ci gaba. Kiran murya ya fi mini sauƙi saboda intanet a nan yana yankewa wani lokaci. Idan ya yanke, zan sake kira sau biyu, idan bai yiwu ba zan aiko da saƙon murya a ranar. Ina so ka rubuta kurakuraina uku mafi girma ka gaya mini a ƙarshe. Kai yaya kake so in gyara maka? A mako na farko mu yi magana a kan iyali da garinmu."

Ka ga gajerun jimloli ne ba karin magana, domin mai koyo ne zai karanta. Mako huɗun nan na gwaji yana da amfani sosai, mutum ya fi saurin amsa abin da ya ga iyakarshi, kuma in jininku bai haɗu ba kowa ya janye da mutuncinshi. Bayanin yankewar netwok ɗin kuma kar ka cire shi, shi bai san yadda sabis ke ɗaukewa a bakin boda ko caji ya ƙare ba wuta ba, in ka ɓace ba bayani raini zai ɗauka. Bidiyo ku bar shi sai minti biyu na ranar farko ku ga fuskar juna, bayan wayar ka duba bayanin kiran a WhatsApp zai nuna maka data nawa ta tafi sai ka san abin da za ka tanada a wata. Gyaran nan uku ma da dalili, in ana tare ka a kowace kalma bakinka zai ƙara rufewa ne, kai kuma abin da ya kawo ka ke nan.

A ɓangaren Faransancin ka fara da sigar girmamawa, irin "ku" ɗin nan tasu, tunda ba ku san juna ba, sannan ka tambaye shi ko za ku koma ta sabo, ɗalibai galibi nan take suke yarda. Gaisuwa layi ɗaya ta isa, jerin ina gajiya ina gida ina aiki ka ajiye mishi ita ta zama darasin farko a waya.

Abin da ba zai shiga wasiƙar ba: maganar biza, neman aiki, kuɗin data, hoton fasfo ko wata takarda taka. Ko da wasa kar ka taɓo su, mutanen can an cika musu akwati da saƙonnin damfara har sun zama masu ɗar-ɗar, layi ɗaya irin wannan ya isa ya rufe, kuma sunan wanda ya haɗa ku ne zai ɓaci. Shi ya sa ma sunan mai haɗin ya kamata ya zo a jimlar farko da kuma kan saƙon. Kai ma in shi ya fara tambayarka kuɗi ko takardu ka tsaya nan ka sanar da wanda ya haɗa ku.

In ka tura ka ba shi kwana bakwai, su imel ba kamar WhatsApp suke ɗaukar shi ba kuma yana iya kasancewa cikin jarrabawa. In shiru ka aika layi biyu na tuni sau ɗaya, in an ƙara sati ba amsa ka koma wa wanda ya haɗa ku ya nemo maka wani a ajinsu. Shafi biyun abokinka kuma ka adana su, bayan wata uku ka ɗauko ka karanta wa abokin musayar taka a waya ya gyara maka furuci.