Yadda ake rubuta maƙalar sauyi da ɗorewa a kan fataucin Sahara

“An ba mu aikin maƙala a kan abin da ya sauya da abin da ya ɗore a fataucin Sahara daga 1000 zuwa 1600, amma duk abin da na rubuta sai ya zama jerin labaran dauloli. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?”

A shekarun da na yi ina duba irin wannan aiki, na lura cewa matsalar tana farawa ne daga tsari. Idan kika ware wa Ghana, Mali da Songhai sakin layi ɗaiɗai, ba makawa labari za ki bayar. Abin da ya fi shi ne ki ɗauki abu guda, misali hanyar ayari, ki bi shi daga farkon zamanin zuwa ƙarshensa, kina tambayar dalili a duk inda ya karkata.

A ƙarni na 11 fatake suna tasowa daga Sijilmasa da ke Maroko su sauka Awdaghust, kusa da daular Ghana, wadda ke cin gajiyar zinariyar Bambuk, yankin da ke kusa da kogin Senegal. A 1352 kuwa, da Ibn Battuta ya ƙetare hamada, ta Taghaza ya bi, garin da aka gina ɗakunansa da kantun gishiri, ya sauka Walata a daular Mali. Zuwa zamanin Songhai, Timbuktu ta karɓe wannan matsayi. Wato zangon ƙarshe yana ta matsawa gabas, kuma babban dalili shi ne haƙar zinariya ta bunƙasa a Bure, kusa da mafarin kogin Neja, sannan a ƙasar Akan da ke kudancin Ghana ta yau, kogin Neja ya zama hanyar da ke kai ta bakin hamada. Wannan jimla ta dalili ita ce mai maki, kuma ita ɗalibai suka fi tsallakewa.

Ɗorewa ma tana buƙatar dalilinta, kuma a nan na fi ganin kasala. Bai isa a ce gishiri ya ci gaba da gangarowa kudu, zinariya tana haurawa arewa ba. Ki bayyana cewa ƙasashen kudu suna ƙarancin gishiri, sarakunan arewacin Afirka suna bukatar zinariya don buga dinari, raƙumi kuma ba shi da madadi a hamada. Muddin waɗannan ba su gushe ba, faɗuwar daula ba ta tsayar da ayari.

Ki yi hattara da Turawan Fotugal. Sun gina ganuwar Elmina a gaɓar tekun Ghana ta yau a 1482, sun janye wani kaso na zinariyar Akan zuwa teku, amma kuskure ne a ce fataucin hamada ya mutu daga nan. Da ya mutu, da Maroko ba ta turo runduna ta ci Songhai a Tondibi a 1591 ba. Ki sanya Elmina a matsayin sauyi mai iyaka, ki faɗi iyakar tasa tun a jimlar da kika buɗe maƙalar da ita.